Yunit Ɗarin da Baba Mita Bai Gani Ba

Baba Mita ake ce masa tun bai tsufa ba, don aikinsa ke nan a kamfanin wutar lantarki: bin gida-gida yana karanta mita. Takalmansa da suka ƙare a wannan yawo ba su ƙirguwa. Karnuka sun bi shi, masu gida sun ɓoye masa a bayan ƙofa suna aiko yara su ce ba sa nan, wata mata ma ta taɓa sheƙa masa ruwan wanke-wanke ta taga ta ce wai kuskure ne. Shi dai bai taɓa ɗaga murya ba. In mutum ya taso masa da hayaniyar cewa mita ta zalunce shi, sai ya nemi wuri ya zauna ya ce, "To kawo kayan wutarka mu gani."

Lissafinsa guda ne, kuma duk wanda ya tashi a gidansa ya haddace shi kafin ya iya ɗaura igiyar takalmi. Kowane kayan wuta akwai lamba a jikinsa, a baya ko a gindi, wadda ke nuna ƙarfin cinsa, ita ce wat. A ninka wat ɗin da awannin da abin ke yi a kunne a rana. A haɗa na dukkan kayan gida, a raba da dubu, abin da ya fito shi ne kilowat-awa, wato yunit ɗin da mita ke ƙirgawa. A ninka da talatin, an sami na wata. Shi ke nan fa, ba wani tsafi a ciki.

A gida kuwa Allah ya yi shi da ƙin ganin fitila a kunne ba kowa a ɗaki. Marigayiya matarsa Malam Kashe take ce masa. Takan ce ko rana ce da makunni a jikinta, da tuni mijinta ya rage mata awa biyu. Yara suna jin takunsa a matakala sai ka ji ƙas, ƙas, ƙas, kowa na rige-rigen kashe abin da ya bari. Abin dariyar shi ne, da sababbin ƙwayayen fitila masu cin wuta kaɗan suka fito, ƙememe ya ƙi su. Yana da kwali guda na tsofaffin masu wat sittin da ya saya tun da daɗewa, ya ce abin da ke aiki ba a zubar da shi, in sun ƙare a yi magana. Har yau ba su ƙare ba.

Yanzu shi kaɗai ya rage a gidan, hawa na biyu a wani tsohon bene: falo, ɗaki ɗaya, kicin, sai ɗan lungun da ya haɗa su. Yara maza sun yi nisa da neman abinci. Autarsa ce kawai a garin, wadda yake kira Uwata, tana sayar da tikiti a tashar mota a can wancan gefen, da mijinta da yara huɗu a ɗakuna biyu. A ƙasan bene akwai wata bazawara mai dafa abincin sayarwa, ita ke hawo masa da kwano safe da yamma, ta ajiye a kan tebur ta yi masa tsiya kaɗan ta sauka.

Abin da ba wanda ya sani shi ne Baba Mita ya daina gani. Ciwon ya daɗe yana cin idon ta gefe-gefe, likita ya ba da maganin ɗigawa, ya ɗiga, ya manta, ya sake ɗigawa, har abin da yake gani ya koma kamar mai leƙe ta bututu. Wata safiya bututun ma ya toshe. Bai gaya wa kowa ba, saboda Auta ta riga ta yanke hukunci tun ranar da suka dawo daga asibiti.

"Baba, duk ranar da idon nan ya ƙara lalacewa, ka bar benen nan ka dawo wurina. Ba shawara nake kawowa ba."

Shi kuwa ya san abin da komawa wurinta ke nufi: katifa a falo, jikoki suna tsallake ƙafarsa, suruki yana rage murya in zai yi magana. Nan kuwa hannunsa ya san kowane bango. Ya san inda simintin lungu ya fashe, ya san ƙofar kicin sai an ɗaga ta kaɗan take rufuwa. Saboda haka ya shirya zamansa tsaf. Baƙin tabarau dama likita ne ya ce ya riƙa sawa, ba mai tambaya. Baƙo ya zo, a zaune zai same shi. Murya kuwa ba ta ɓace masa, kafin mutum ya gama sallama ya kira sunansa. Kayan guga ya miƙa wa mai wanki. Da magariba ya bi bango ya kunna fitilu huɗun gidan duka, shi da a da ɗaya ma sai ya yi tunani, don maƙwabta su ga haske su san tsoho yana nan garau. Ya kunna talabijin ya zauna yana saurare. Awa biyar in ta cika, ya bi ya kashe ya kwanta. Wannan ɓarnar tana yi masa ciwo, amma ya ɗauke ta a matsayin kuɗin haya.

Haka aka yi ta tafiya har wata rana da hantsi, firiji ya yi wata 'yar girgiza ya yi shiru, fanka ta ja jiki ta tsaya. Ya zaci ɗauke wuta aka yi, ko da yake ba a cika ɗaukewa a unguwar ba. Sai ya jiyo injin markaɗen mai abinci yana ta kuka a ƙasa. Ashe nasa yunit ɗin ne ya ƙare. Dole ya kira Auta, tunda ita ke saya ta zo ta loda.

Da la'asar ta iso, tana haki tun daga matakala.

"Sannu da gida, Baba. Mitar na tsaya na duba, sifili ce tas. Yunit ɗari biyu da ashirin fa na sa maka, yau wata ɗaya cif. Wanda ke kai ka kusan wata biyu!"

"Zauna ki huta tukuna, Uwata. Ya yaran?"

"Suna lafiya. Baba, sata ake maka. Wallahi matar nan ta ƙasa ce. Na ga ta sayi sabon firiji, ga injin markaɗe, kuma mitocinku a jere suke a ƙarƙashin matakala. Waya ɗaya za ta sa a jona mata. Yanzu zan sauka in wanke ta tas, gobe kuma in kai ƙara kamfani."

Ya san halin 'yarsa, in ta ce za ta yi, ta gama yi. Ya kuma san abin da kamfani ke yi wa wanda aka zarga da jona waya: a yanke tukuna, a yi bincike daga baya.

"Ba a kama ɓarawo kafin a ƙirga awaki," ya ce. "Ɗauko wayarki mu lissafa."

Ta yi tsaki ƙasa-ƙasa, amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ya ji ta gyara zama.

"Fitilu," ya ce. "Huɗu, kowanne wat sittin. Ɗari biyu da arba'in ke nan. Awa biyar, dubu ɗaya da ɗari biyu."

"Huɗu duka? Kai? Malam Kashe?"

"Tsufa ne. Rubuta dai."

"Ai da Mama na raye da ta yi guɗa."

"Fanka wat saba'in da biyar, awa takwas, ɗari shida. Firiji ɗari da hamsin."

"Sau ashirin da huɗu," ta ce, "tunda ba a kashe shi."

"Kin manta karatu. Firiji a jone yake wuni, amma injinsa tashi yake ya kwanta. Ki kasa kunne wata rana ki ji. In an haɗa tashinsa bai fi awa takwas ba. Dubu ɗaya da ɗari biyu."

Ta tashi ta shiga kicin, ya ji ta kifa butar lantarki don ta karanta gindinta. Ta ɗago murya ta ce wat dubu biyu, lallai ga ɓarawon nan.

"Mai babban baki ce, amma ba ta daɗewa a kan akushi," ya ce. "Shayin safe da na yamma, duka kwata ɗin awa. Ɗari biyar. Talabijin wat ɗari, awa huɗu, ɗari huɗu. Rediyo wat goma, ko wuni ya yi yana surutu awa goma, ɗari ne kacal. Haɗa."

Kafin ta gama danne-danne ya riga ta. "Dubu huɗu. A raba da dubu, yunit huɗu a rana. Sau talatin, ɗari da ashirin."

"To ka gani! Ɗari da ashirin ya kamata ka ci, an ci ɗari biyu da ashirin. Ina ɗari? Ƙafa ya yi?"

Ruwa dai ba ya tsami banza. Baba Mita ya jingina da kujera. A aikinsa ya koyi cewa in lissafi da mita suka saɓa, yawanci ba wat ɗin ne ke ƙarya ba, tunda a rubuce yake a jikin ƙarfe. Awannin ne, don su daga bakin mutum suke fitowa. Sai ya juya lissafin ta baya, a cikin kansa, leɓɓansa na motsi. Yunit ɗari a kwana talatin, uku da sulusi ke nan a rana, wajen wat-awa dubu uku da ɗari uku. Wane ne a gidan nan zai iya cinye wannan?

Firiji in ya lalace ya daina hutawa, awa goma sha shida ce kawai za ta ƙaru masa, dubu biyu da ɗari huɗu, bai kai ba. Kuma kullum yana jin sa yana tashi yana kwanciya. Fanka ko ta kwana ta wuni, ƙarin bai wuce dubu da ɗari biyu ba. Buta da kanta take kashe kanta in ruwa ya tafasa. Talabijin da rediyo ba sa iya aiki a ɓoye, kunne zai tona su. Saura fitilu. Ya raba dubu uku da ɗari uku da ɗari biyu da arba'in, ya sami kusan goma sha huɗu. Ƙarin awa goma sha huɗu a kan biyar ɗin da ya sani, goma sha tara ke nan.

Goma sha tara. In ka cire biyar daga awa ashirin da huɗu na yini da dare, abin da ke saura ke nan.

Sai ya tuna. A ranar da Auta ta loda yunit ɗin nan, makunnin lungu yana ta tartsatsi, sai ta turo mai gyaran wuta bayan ta tafi. Mutumin ya ce duk huɗun sun tsufa, ya canza su. Da ya fita, Baba Mita ya bi bango ya shafa, ya ji duk an danne su ƙasa, yadda tsofaffin suke in suna kunne. Har ya yi mita shi kaɗai, ya ce masu gyaran zamani ko kashe fitila ba su iya ba, ya bi ya mayar da su sama. Ashe bawan Allah a kife ya ɗaura su, kuma a kashe ya bar su. Mai ido ba zai ko lura ba, danna nan bai kawo ba, ya danna can. Shi kuwa wata guda cur yana kashe fitilunsa da magariba ya zauna a duhu gaban talabijin, in zai kwanta ya kunna su su kwana su wuni. Yanzu ya gane tsokanar mai abinci, da ta ce masa kwanakin baya, "Baba, ko karatun jarrabawa kake da dare ne?" Shi kuma ya yi dariya, bai gane ba a lokacin.

Kunya ta fara kama shi, kafin tsoro. Shi, a ce shi ne ya ƙona fitila huɗu da rana tsaka har tsawon wata.

"Baba, ka yi shiru. Ka yarda dai sata ce?"

"Je ki loda yunit ɗin tukuna," ya ce. "Kada ki yi wa kowa magana sai kin dawo."

"Zan loda. Amma ina gamawa shagonta zan shiga, ka ji na gaya maka."

Ta fita, takalminta na ƙwas-ƙwas a matakala. Ya san lambobin da ake dannawa suna da yawa, kuma Auta sai ta karanta sau biyu take dannawa. Akwai lokaci. Makunnan nan huɗu duk suna sama, inda ya bar su jiya da zai kwanta, wato a kunne. Wuta na dawowa gidan zai haske da la'asar sakaliya, ga shi zaune a tsakiya bai sani ba. Abin da zai yi kaɗan ne: ya bi bango ya danne su ƙasa. Daga yau kuma ya san sirrinsu, wata mai zuwa lissafi zai koma ɗari da ashirin, ba wanda zai ji labari.

Ya miƙe ya je bakin ƙofar falo, yatsansa ya sami makunnin ba lalube. Sai dai yunit ɗarin nan ba za su ɓace ba don ya danna makunni. Shi da bakinsa ya fitar da su, Auta kuma ta riƙe lambar gam. In ba fitilunsa suka ci ba, to wani ya ci, kuma wanin nan tana ƙasa tana soya albasa, ƙamshin yana hawowa ta taga. Yana iya cewa mitar ce ta lalace. Kamfani su zo su gwada su same ta lafiya, magana ta sake komawa kan matar. Yana iya cewa mantuwa ce ta tsufa, yana barin su a kunne. To wanda ke manta fitila huɗu kullum har wata guda, shi ma ai Auta ba za ta bar shi shi kaɗai a bene ba. Ya juya ta nan, ya juya ta can, ko'ina ƙofa a rufe. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

Ya sauke hannunsa, ya koma kujerarsa ya zauna. Ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur kusa da kwanon safe.

Can ƙasa mita ta yi ƙara. Firiji ya girgiza ya kama aiki, fanka ta fara juyawa a hankali. Ya ɗaga murya ta taga ya ce, "Uwata, hawo tukuna!" Ya ji takunta ya juyo sama.

A bakin ƙofa ta tsaya.

"Ikon Allah. Baba, fitilu duk a kunne da ranar Allah?"

"Duka huɗun?"

"Ga na falo, ga na lungu, na kicin ma..." Maganar ta tsinke mata.

"Ga yunit ɗarinki nan," ya ce. "Mai gyaran da kika turo a kife ya sa makunnan. Ina kunnawa ashe kashewa nake, ina kashewa ashe kunnawa nake. Awa goma sha tara a rana maimakon biyar. Ninka ƙarin goma sha huɗun da ɗari biyu da arba'in, sau talatin, za ki ga ɗari da 'yan kai. Matar nan ba ta taɓa wayar kowa ba."

Ba ta ninka komai ba. Ya ji ta tako a hankali ta durƙusa a gabansa. Wata 'yar iska ta gilma a fuskarsa sau biyu, ya gane hannu take kaɗawa a gaban idonsa.

"Tun yaushe?"

"An ɗan jima."

"Baba, tun yaushe?"

"Tun kafin ƙaramin naki ya fara haƙori. Ranar da kika kawo shi na ce ya yi kama da kakarsa, ji na yi kin faɗa na maimaita."

Ta kifa kanta a gwiwarsa. Kukan ba mai sauti ba ne, kafaɗunta kawai yake ji suna rawa. Ya ɗora hannu a kan ɗankwalinta ya bar shi nan. Bai ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta yi masa faɗa ba, abin da ya ba shi mamaki ƙwarai don ya shirya wa faɗan.

Da ta tashi ba ta tambaye shi ra'ayinsa ba. Ta shiga ɗaki, ya ji ta jawo kujera ta taka, akwatin da ke saman sif ya sauko da ƙurarsa har ta yi atishawa. Sai buɗe aljihunan tebur, sai ƙarar kwalaben magani. Ya zauna yana bin ta da kunne, yana sanin kowane abu da ta taɓa. Can ta leƙo ta ce wace riga da wace zai ɗauka, ya ce ta zaɓa, duk ɗaya ne a wurinsa.

Ana haka aka yi sallama a matakala, murfin kwano na ƙaras-ƙaras. Mai abinci ce da na yamma.

"Baba, yau da baƙuwa ashe? Da ka faɗa na ƙaro."

"Shigo ki ajiye, 'yar albarka," ya ce. Ya jira har kwanon ya zauna a kan tebur. "Gobe kada ki wahalar da kanki da hawa benen nan."

"Tafiya za ka yi?"

"E."

"Sai yaushe?"

Ya juya fuskarsa wajen muryarta, ya ɗan kauce kaɗan, sai ya zama bangon da ke gefenta yake yi wa magana.

"Ki tambayi Uwata," ya ce.